Takarda a Aljihun Zayyanu

Duk wanda ya yi hulɗa da ƙungiyar manoman fadama ta Birnin Kebbi a shekarun farko na jiharmu ya san Zayyanu Tamba. Siriri ne, dogo, mai ɗan ranƙwafawa, kullum da biro biyu a aljihun gaba, ja da shuɗi. Mu ma'aikata Malam Ƙa'ida muke ce masa, kuma ni na laƙa masa sunan, don mutum ne da ko ruwan sha ka roƙe shi sai ka ga kamar zai tambaye ka wa ya amince. Ni Izzuddeen, malamin gona nake a reshen ƙungiyar na Argungu. Ina da saurin fushi, shi kuwa ba ya fushi, abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan. Mun yi shekaru muna faɗa, ni ina ɗaga murya shi yana gyara murfin biro, kuma har yau ban yi abokin da ya kai shi ba.

Ɗan Argungu ne, gidan masunta. Mahaifinsu ya rasu yana ƙarami, wansa Labbo ya riƙe shi. Labbo ya so ya koya masa su, amma yaron da zarar jirgi ya bar gaɓa sai ya ƙanƙame gefe ya rufe ido. Ran nan Labbo ya gaji, ya sauke shi ya ce, "Wanga ba na ruwa na ba. Shi tahi boko shi huta, mu ma mu huta." Da kifin wannan jirgi aka yi masa riga da littafi har ya gama makaranta. Ya yi aikin akawu a Sakkwato, da aka ƙirƙiro jihar Kebbi ya dawo gida, ya kama haya a unguwar Nassarawa ta Birnin Kebbi, ƙungiya ta ɗauke shi sakatare.

Kafin zuwansa asusun ƙungiya aljihun shugaba ne. Shugaban, Alhaji Abbas, dattijo ne mai amana, ban taɓa jin ya ci kwabon kowa ba. Amma komai sai shi. Ko kwalbar baƙin mai za a saya sai an nemo shi, in yana kasuwa a bi shi kasuwa, in ya tafi Jega a zauna jira. Da ƙungiya ta girma ta sayi manyan injinan ban-ruwa, ɗaya a Zauro ɗaya a Argungu, ta kuma buɗe asusu a banki, sai aka ga wannan ba za ta ɗore ba. Aka ce Zayyanu ya tsara yadda za a riƙa fitar da kuɗi.

Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin aiki kamar yadda ya ji daɗin wannan ba. Ya bi mu ɗaya ɗaya yana tambaya: me kake saya, sau nawa, nawa ne mafi tsada? Daga nan ya yi matakala. Abin da bai wuce naira ɗari biyar ba, malamin gona na reshe ya amince, ya kawo rasit. Daga nan zuwa dubu biyar, manaja. Daga dubu biyar zuwa dubu ashirin, shugaba. Abin da ya haura haka sai kwamiti ya zauna. Wanda ya nemi kuɗi ba shi zai amince wa kansa ba. Ba a raba saye ɗaya gida biyu don ya shige ƙarƙashin iyakar wani. Ma'aji, Maigandi, ba ya amincewa da komai, aikinsa ya duba ko hannun da ya dace na kan takarda sannan ya rubuta cek. Shi kansa Zayyanu bai ba kansa ikon ko kwabo ba, nasa kai takarda ne da ajiye ta.

Na ce masa, "Malam Ƙa'ida, ɗari biyat? Awa wani yaron shago?"

Ya ce, "Kai da ka son rantsuwa, ɗari biyat ma ta yi maka yawa."

Ranar da aka karanta tsarin a gaban kwamiti, inda aka daɗe shi ne batun wanda zai tsaya in mai amincewa ba ya nan. In ba ni, takardata ta wuce wurin manaja. In babu manaja, ta hau wurin shugaba. To in babu shugaba fa? Wani ya fara ambaton wani suna, sai ya fasa, don ga Alhaji Dikko a zaune, ƙanen shugaba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda da shi aka kafa ƙungiyar. Wa zai tsallake shi ya ɗauko bare a gaban idonsa? Aka ce Alhaji Dikko. In su biyun duka ba su nan, sai Malam Abdussamadu, tsohon hedimasta, ɗaya daga amintattun ƙungiya. Aka kai wa banki sunayen ukun: in kuɗi ya wuce iyakar manaja, ɗayansu ya sa hannu, ma'aji ya sa, cek ya fita.

Zayyanu bai tsaya nan ba. Ya ce dole a faɗi abin da ake nufi da mutum ba ya nan, kada wani ya ga shugaba ya shiga masallaci ya ruga da takarda wurin wanda ya fi sauƙi. Ya rubuta cewa mutum ba ya nan in ya bar gari fiye da kwana biyu, ko yana kwance a asibiti, kuma sai sakatare ya shaida haka a rubuce kafin takarda ta wuce gaba. Ya tuna da aikin Hajji, ya tuna da tafiyar Legas, ya tuna da ciwo. Kowa ya yaba, har da ni. Shekarar ma Alhaji Abbas ya tafi Makka, Alhaji Dikko ya riƙa sa hannu, babu abin da ya tsaya. Zayyanu ya riƙa tafiya kamar wanda aka yi wa sabuwar riga.

Da wannan ƙarfin gwiwa ya je wa Labbo. Lokacin kifi ya ja baya a gulbi, Labbo ya manyanta, ga iyali. Zayyanu ya ce ya shigo noman rani, ga inji, ga fili a fadamar ƙungiya.

Labbo ya ce, "In injin ya mutu hwa? Gulbi dai ba shi mutuwa."

Zayyanu ya ce, "Yaya, ni nar rubuta tsarin da hannuna. Babu takardad da ka kwana uku ba a sa mata hannu ba. In wanga ba shi nan, akwai wancan."

Labbo ya sayar da jirginsa da tarunsa, ya biya kuɗin shiga, ya sayi iri da taki. Na ga ranar da mai saye ya zo ya tuƙa jirgin ya tafi. Labbo ya juya baya yana gyara igiyar wandonsa da ba ta kwance ba. Amma da ya shiga noman, ya shiga da gaske. Cikin duk manoman da nake dubawa babu mai tsabtar gona irin tasa, ko ciyawa ɗaya ba ka gani. Yana yi wa shinkafa magana kamar yadda yake yi wa kifi da. Matarsa Kulu ta ce tun da ya dasa ta bai ƙara cin abincin rana a gida ba.

Cikin bazara, shinkafa ta yi ciki ta fara fitar da kai, injin Argungu ya buga. Wanda bai san shinkafa ba ba zai gane ba: tana iya jure ƙishi tana ƙarama, tana iya jurewa in ta nuna, amma in ruwa ya yanke mata tana fure, a zafin bazara, zangarniya za ta fito ta tsaya ƙyam, fara fat, babu ƙwaya a ciki. Makanike ya kwance injin ya ce babban ƙarfen ciki ya karye, sai Sakkwato, da kaya da kuɗin aiki naira dubu tara, kuma mai kayan ba ya ba da bashi. Dubu tara ta wuce ni, ta wuce manaja. Na cika takardar nema, na haɗa da ƙiyasin makanike, na hau babur sai Birnin Kebbi, hankalina kwance, don na san Alhaji Abbas ba ya jan rai.

Ina shiga gari na ga mutane suna ta kwarara wuri ɗaya. Hajiya Ummu Hani ta rasu da safiyar nan, mahaifiyar Alhaji Abbas. Mahaifiyar Alhaji Dikko kuma, mana. Mu duka da muka zauna a ɗakin kwamiti muka zaɓi ƙane ya tsaya wa wa, babu wanda ya tuna cewa mutum biyu masu uwa ɗaya rana ɗaya suke maraici.

Aka yi jana'iza, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, wa da ƙane suka zauna kafaɗa da kafaɗa suna karɓar gaisuwa. Babban gida ne, kowa ya san sai an yi sadakar bakwai za su tashi. Daga ofishinmu zuwa rumfar makokin ko jifa ba ta kai ba, ta taga muna hango farar hular Alhaji.

Manaja ya duba takardar ya rubuta cewa aikin gaskiya ne, ya miƙa wa Zayyanu ya kai gaba. Zayyanu ya ninke ta ya sa a aljihu bayan biro biyun nan. Washegari muka je wurin Malam Abdussamadu. Dattijon ya saurare mu, ya ce a shirye yake.

"Rubuto min shaida cewa Alhaji da ƙanenai ba su nan, in sa hannu yanzu."

Zayyanu ya ce, "Malam, suna nan."

"To ka gani. Ba su bar gari ba, ba su asibiti. Gari dut ya gan su. In nas sa hannu, mi za a ce? A ce uwas su na mutuwa munka amshe musu ƙungiya?"

Muka koma ofis. A nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Malam Ƙa'ida da bakinsa ya ce wa Maigandi a raba takardar biyu, dubu huɗu da ɗari biyar sau biyu, kaya daban aiki daban, manaja ya sa hannu. Maigandi ya jawo kwafin tsarin daga durowa ya ɗora yatsa a kan layin da ya hana raba saye, ya juyo masa da shi.

"Kai kak karanta muna wanga, Zayyanu. Kac ce ko ubana yaz zo kada in yarda. In na yi yau don Labbo, gobe wa zan hana?"

Na zagi Maigandi ranar, zagi mai kyau. Amma ko a lokacin na san ba shi da laifi. An ba shi ƙofa an ce ya tsare, ya tsare. Aka ce a kira kwamiti, sai aka tuna shugaba ne ke kiran kwamiti. Hanya ɗaya ta rage, mai sauƙi kuma: a tsallaka titi, a durƙusa gaban Alhaji Abbas, a miƙa masa takarda da biro.

Wanda ba ɗan nan ba zai ce to me ya hana? Ni ma yanzu da na tsufa nakan tambaya. Amma a wurinmu tabarmar makoki ba wurin maganar kuɗi ba ce. Mutum ya binne uwarsa jiya, malamai na zaune, sarakai na zuwa, ana addu'a ana shafawa, kai kuma ka zaro takardar dubu tara? Har jikokinka sai an yi musu gori da ita. Ni da Zayyanu mun je tare, muka cire takalma, muka durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ya haƙuri? Allah shi jiƙan ta, shi sa ta huta."

"Amin, Zayyanu. Amin, malamin gona. Mun gode."

Idon Alhaji ya yi ja, muryarsa ta dushe. Na ga hannun Zayyanu ya tashi ya nufi aljihu, ya taɓa murfin biro. Sai ga wata tawaga daga Gwandu ta yi sallama, aka ɗaga hannu ana fatiha. Hannun ya bar aljihu ya shiga addu'a tare da na kowa. Muka ja gefe muka zauna, muka tashi.

Ni na koma Argungu ina fafutukar ƙananan injina. Bazara ce, kowa na ban-ruwan albasarsa da shinkafarsa, ga wahalar fetur. Na samo guda biyu na kwana ɗaya, suka jiƙa gonakin da ke bakin gulbi. Gonar Labbo tana can ƙarshen magudana, don shi ne ya shigo a baya. Shi da Kulu da 'ya'yansu suka riƙa jido da bokiti da tulu. Ƙasar tana shanyewa kafin su juya.

Ranar sadakar uku Labbo ya sa babbar rigarsa ya ce in ɗauke shi zuwa Birnin Kebbi. Na yi murna, na ce yau dai za a fasa, mai gona da kansa zai yi magana. Ya durƙusa ya yi gaisuwa mai kyau, ya yi doguwar addu'a, ya tashi. Bai ambaci inji ba. Zayyanu ya biyo mu har gindin wata darbejiya, nesa da rumfa.

Labbo ya ce, "Ta hito?"

"Tukuna, Yaya." Ya zaro takardar, ta yi laushi da gumi. "Amma yau zan kai ta. Ko mi za a ce a ce. Yanzu zan koma in miƙa mai."

Labbo ya kama wuyan hannunsa. Hannun masunci ne, ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe shi yana yaro a cikin jirgi.

"Ba ka kai ta. Mutum na kukan uwatai, ka kai mai takardak kuɗɗi, kuma kowa ya san gonaw wanka ta a ciki? Ce za a yi ɗiyan Tamba ba su da kunya, don shinkahwas su sunka taka tabarmam makoki. Ban kai ka boko don ka jawo muna wanga ba. Maida ta."

"Yaya, shinkahwa tana hure. Ba ta kai bakwai."

"Na hi ka sani. Maida ta."

Na buɗe baki zan yi ta'adi, Labbo ya dube ni ya ce, "Malamin gona, wanga zancen gida na." Na rufe. Zayyanu ya tsaya da takarda a hannu, yana duban wansa yana duban rumfa. Bai taɓa yi wa Labbo musu ba tun da aka haife shi. Ya ninke ta ya mayar. A hanyar komawa, da muka kusa gari Labbo ya ce in bi ta gona. Ganyen ya nannaɗe kamar tsinke, ƙasa ta tsage. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce mu tafi, la'asar ta yi.

Washegarin sadakar bakwai Alhaji Abbas ya shigo ofis. Zayyanu ya shimfiɗa takardar a gabansa yana lallashe ninkin da tafin hannu. Alhaji ya karanta, ya sa hannu nan take, sannan idonsa ya kai kan kwanan watan da na rubuta a sama. Ya cire tabarau.

"Tun ranar rasuwa? Zayyanu, kullum kana gabana. Mi yah hana ka ba ni?"

"Ranka shi daɗe, kuna cikin makoki."

"Subhanallahi. Uwata da shinkahwa tar rene mu, da hannunta taka dashe a Zauro. Da ka miƙo min da na sa hannu bisa gwiwata, kuma da ita ta hi kowa murna. Wa yac ce maka zan ji haushi?"

Na so a ce ya yi faɗa, ko ya ce gara da ba a kawo ba. Wannan alherin nasa ya fi kowace irin magana ciwo. Zayyanu ya ɗauki takardar ya kai wa Maigandi, ya dawo teburinsa ya zauna, ya kasa buɗe murfin biro.

Kafin a karɓo kuɗi a banki, a je Sakkwato, a dawo a ɗaura, wasu kwanakin sun ƙaru. Ruwa ya iso gonar Labbo ya tarar da aikin gama ya gama. Daga nesa gonar ta yi kyau, zangarniya tsaye fara sol. Ka murza a tafin hannu ka hura, babu abin da zai rage. Na bakin gulbi sun tsira da rabi. Labbo bai cika buhu biyu ba.

Bai zagi kowa ba, bai kai ƙara ba. Alhaji Abbas ya aika masa da hatsi daga rumbunsa, ya karɓa ya yi godiya. Zayyanu ya ce zai tara albashi ya saya masa wani jirgi, Labbo ya yi dariya ya ce albashin sakatare ko filafilin tuƙa jirgi ba ya saye. Aka ce ya sake gwadawa baɗi, ƙungiya za ta taimaka da iri, ya ce a'a, ya ga iyakar rabonsa a tudu. Da ruwa ya sauka ya bi wasu masunta zuwa Yawuri, yana aiki a jirgin wani, ana ba shi kaso. Mutumin da ya yi shekara talatin da jirginsa, ya koma jan taru ƙarƙashin yaran da ya girme wa iyayensu. Yana zuwa gida da salla, kowace shekara ya fi ta baya rama.

Zayyanu ya sake rubuta tsarin, kuma wannan karon bai yi tafiyar mai sabuwar riga ba. Ya cire zancen barin gari da asibiti gaba ɗaya. Ya ce ba mutum za a duba ba, takarda za a duba. Kowace takarda a buga mata ranar shigowa. In ta yi kwana biyu ba a amince ba kuma ba a ƙi ba, ta wuce wurin na gaba da kanta, ko mai ita yana Makka ko yana zaune a ƙofar gidansa, ba sai wani ya shaida komai ba, ba sai an ce wa kowa ba ya nan ba. Mai tsayawa wani kada ya zama ɗan gidansu. Gyaran injin ban-ruwa lokacin da amfani ke gona, manaja da amintacce ɗaya su amince a ranar har dubu ashirin, su kai wa shugaba bayani daga baya. In shugaba bai samu ba, mutum uku na kwamiti na iya kiran zama. Alhaji Dikko da kansa ya miƙe ya ce a cire sunansa a sa na wani. Aka amince babu musu.

Tsarin ya yi aiki. Inji ya sake lalacewa ba sau ɗaya ba, babu gonar da ta ƙara mutuwa don jiran hannu. Wasu ƙungiyoyi har daga Bunza suka zo suka kwafa. In an yaba masa sai ya ce, "An biya kuɗɗinai," ya canza magana. Na daina kiransa Malam Ƙa'ida. Shi ya lura, ran nan ya ce, "Kai, ina sunana?" Na ce ya tsufa. Muka yi dariya, ba mai daɗi ba.

Da manaja ya yi ritaya aka ba Zayyanu kujerar, ya zama shi ma mai sa hannu. Yana wannan matsayi aka aiko daga Yawuri cewa Labbo ya kwanta, sanyin ruwa ya kama masa ƙirji. Kafin Zayyanu ya isa an riga an yi masa sutura. A can aka binne shi, a garin da ba shi da kowa. Zayyanu ya dawo Argungu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansu na gado.

Duk ɗan ƙungiyar da ya zo gaisuwa, in an shafa fatiha, sai Zayyanu ya riƙe hannunsa ya ce, "Akwai takarda aljihunka? In akwai hiddo ta." Mutane suka riƙa duban juna. Wasu tsofaffi suka ce baƙin ciki ya taɓa shi, wasu suka ce boko ne ya cinye masa kunya. Ni na san ba ko ɗaya.

Na bari sai da yamma ranar sadakar uku, mutane sun ragu, na zauna kusa da shi. Ya rame, biro biyun na nan a aljihun rigar makoki. Ya yi mini tambayar da yake yi wa kowa.

Na ce, "Babu. Akwai wadda tas shigo ranad da kat tahi, ta taki, dubu huɗu. Ta jira ka kwana biyu, ta wuce wurin shugaba. An sa hannu, taki na bisa hanya."

"Ba wanda yaz zo nemana?"

"Ba kowa."

"Ba wanda yaj ji kunya?"

"Ba kowa, Zayyanu. Ita tat tahi da kanta."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi hanyar da ke gangarawa gulbi, inda Labbo yake ɗaure jirginsa da, yanzu na wasu ne a wurin. Daga cikin gida ana jin muryar Kulu tana amsa gaisuwar mata. Ya zaro jan biron ya juya shi a hannu.

"Layi guda na, Izzuddeen," ya ce. "Da shi nar rubuta tun hwarko, da nan Yaya yam mutu, cikin ɗakinai."

Ya sa hannun riga ya rufe fuska. Na zauna tare da shi har aka kira magariba.